Wace Sana'a Ce Ta Fi Biya?

Mai gyaɗa ya zuba naira 200,000 lokacin kaka, ya sayi buhuna, ya biya dako da kuɗin ajiya. Bayan wata shida ya sayar a 260,000. Ribarsa 60,000 ke nan. A raba ribar da abin da ya kashe, a ninka sau 100, a samu kashi 30 cikin ɗari. Wato kowace naira 100 ta jawo masa naira 30.

Maƙwabciyarsa mai ƙuli-ƙuli kuwa 20,000 ta sa, ta ci ribar 4,000, kashi 20 cikin ɗari. Sai a ce mai gyaɗa ya fi ta. Ina! Ita cikin wata guda take juya kuɗinta, don haka a wata shida ribarta ta kai 24,000, fiye da jarin nata ma. Wannan lissafi bai san lokaci ba, dole kai ka sa masa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen ƙirga abin da aka kashe. Itace, kuɗin niƙa, ladan 'yar talla, har da wahalar jikinka, duk jari ne. Wanda ya manta da su, ribar da yake gani ta bogi ce. Ka rubuta komai kafin ka raba.