Kafin ka kafa allon kwatance, taka hanyar da ƙafarka

Mu da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu mun san lungunan makaranta, shi ya sa ba ma kallon alluna. To amma allo ai na baƙo ne. Idan aka ba ka aikin tsara allunan ƙaramin asibiti, tuna da tsohuwar da ta taso daga Gwiwa ko Roni da jikanta a goye, aka ce ta kai jini ɗakin gwaji.

Ni a ganina, kibiya ce ta fi yawan ɓatar da mutane. Ɗauki baranda mai mararraba, ɗakin gwaji na hannun hagun mai shigowa. An rataye allo mai fuska biyu, mai bugawa kuma ya buga zane ɗaya sau biyu. Mai shigowa zai bi hagu ya dace. Wanda ya fito daga wurin likita, yana fuskantar ƙofar waje, shi ma allon zai ce masa hagu, alhali ɗakin na damansa. Don haka kowace fuska a zana mata kibiyarta, ana tsaye a inda mai karantawa zai tsaya. Kibiya mai kallon sama ma tana da rikici: a fili tana nufin "miƙe", amma a gindin matakala sai a ɗauka an ce a hau bene. A nan sai a haɗa ta da hoton matakala, ko a matsar da allon gaba. Sunan wuri kuma kada ya canza a hanya; in "Ɗakin Gwaji" aka rubuta a bakin ƙofa, haka zai tafi har ƙarshe.

Hotuna kuwa, akwai na ƙa'idar ISO 7001, amma kar ka ɗauka kowa ya gane su. Nuna hoton babu rubutu ga mutum goma da ba ma'aikata ba, ka tambaye su me ake yi a wurin. In da yawa suka ga na'urar duba ƙwayar cuta suka yi shiru, a sake hoto. Wani ajami yake karantawa, ba boko ba, hoton nan shi ne madogararsa.

Sai tsayi. Allon da aka rataye, ƙasansa ya kai kamar mita 2.1 daga daɓe, don kada cunkoso ya tare shi ko a buga kai. Na ƙofa kuwa tsakanin mita 1.2 da 1.5, a bango ta gefen mariƙi, domin in a jikin ƙofar aka manna shi, da an buɗe ya ɓace. Harafi a ba shi aƙalla santimita 1 ga kowace mita 3 ta nisa: barandar mita 15 na buƙatar santimita 5.

Kafin a biya mai bugawa, a liƙa na kwali da salatif, a sa baƙo ya nemi ɗakin gwaji, a bi shi a baya ba magana. Duk inda ya tsaya yana waige-waige, a sa alama a taswira.