Daga “Matsalolin Noma” Zuwa Tambayar da Za Ta Amsu

Ɗalibin ajin ƙarshe yakan je wa malamin da ke duba kundinsa da take irin wannan: “Matsalolin noma a Arewacin Nijeriya”. Malam ya mayar masa, shi kuma ya ɗauka an ƙi shi ne. Alhali abin da ya kawo fage ne, ba tambaya ba, kuma 'yan watannin da suka rage masa ba za su ishe shi kewaya fagen ba.

Bari mu sassaƙe wannan taken tare. Wace matsala? Asarar amfanin gona bayan girbi. Wane amfani? Tumatir, domin lalacewarsa ido na gani, sikeli na aunawa. A ina? Kasuwar Kwanar Gafan da ke Garun Malam a jihar Kano. Har yanzu dai babu tambaya, sai an sami abu biyu da za a gwama. Dillalai sun saba zuba tumatir a kwando, ana ɗora wani kan wani, na ƙasa ya matse. Wasu kuma sun koma akwatin roba. To, ga tambaya ta fito: a cikin kowane kilo 100 da aka yi lodi daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar 'Yankaba, kilo nawa ke lalacewa a kwando, nawa a akwatin roba?

Hanyar gwada ta ita ce ɗalibi ya zana jadawalin babi na huɗu tun kafin ya fita: gurbin irin mazubi, gurbin nauyi wajen lodi, gurbin nauyin ruɓaɓɓe da fasasshe wajen saukewa. In ya san abin da zai cike kowane gurbi da inda zai samo shi, tambaya ta tsayu. In ya kasa zanawa, da saura.

Ƙuntatawa ma tana da iyaka. Idan ya je ya tarar masu akwatin roba ba su fi biyu ko uku ba, babu gwami ke nan. Haka lokaci: kakar tumatir ɗin nan ta rani ce, wanda tattara bayanansa ya faɗo a damina zai iske kasuwar ta watse. Shi ya sa ziyarar yini guda kafin a miƙa take ta fi mako guda a laburare.

A kula kuma da kalmar “tasiri”, wadda ɗalibanmu ke matuƙar so. Takardar tambayoyi da aka raba wa dillalai ra'ayinsu kawai za ta nuna, ba tasiri ba. Asarar kanta sai sikeli. In babu halin awo, a sauya tambayar ta koma kan abin da ke hana dillalai karɓar akwatin, a rubuta hakan ƙarara a take.

Ɗalibi, kafin ka koma ofishin malam, rubuta tambayarka a jimla ɗaya, ka riƙo jadawalinka a hannu.