Miyar da ba mai: abin da jiki ke rasawa

Da sanyin safiyar Asabar, bakin tafkin Jabi kan cika da masu sassarfa, kuma da yawansu sun riga sun yanke wa mai hukunci: shi ne ya kawo tumbi, don haka a kore shi daga tukunya. A ɗauki misalin ma'aikaciya 'yar shekara talatin da ke zaune a Gwarimpa. Ta daina cin gyaɗa, ƙwai sai farinsa, miyar kuka ba ɗigon mai, ga gudu kullum. Wata huɗu siket ya yi mata yawa, ana ta yaba mata. A wata na biyar al'ada ta ɗauke, ba kuwa ciki ba ne.

Sinadaran homon na haihuwa, wato istirojin na mace da testosteron na namiji, daga kwalastarol jiki ke ƙera su. Sai dai jiki na haɗa mafi yawan kwalastarol da kansa, saboda haka ba ƙarewarsa ce ta tsayar da al'adar ba. Ainihin labarin yana cikin kitsen da jiki ya ajiye. Wannan kitse yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller a 1994. Aikinsa shi ne shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai hatsi a rumbu. Idan abinci ya gaza, kitse ya zube, leftin sai ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga, ta rage saƙon da take aika wa ƙwayayen haihuwa. Istirojin ya faɗi, al'ada ta tsaya, in abin ya daɗe ƙashi ma ya fara rauni. Namiji kuma sha'awa ce ke ja baya, ga kasala.

Akwai wata asarar. Bitamin A, D, E da K sai da mai hanji ke iya tsotse su yadda ya kamata. Mai cin kwaɗon zogale da karas ba ƙuli ba mai, wani kaso na amfanin wucewa yake yi kawai. Iyayenmu da ke daka ƙuli a kwaɗo ba su san sunan bitamin ba, amma sun yi daidai.

To nawa ne ya isa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mai ya wuce kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin da abinci ke bayarwa a yini, masana kuma na ba matar da ke shekarun haihuwa shawarar kada ta gaza kashi 20. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne. Ga mai buƙatar kalori 2,000, lissafin ya kama giram 44 zuwa 67, kimanin cokalin cin abinci uku zuwa biyar, har da man da ke ɓoye cikin nama, gyaɗa da madara. Ba ludayi ba ne, amma kuma ba sifili ba.

A kasuwar Wuse ko Utako, zaɓin ba shi da wuya. Man gyaɗa da na waken suya su ne suka dace da girkin kullum, domin yawancin kitsensu irin wanda ba ya daskarewa ne, ba ya ɗaga mugun kwalastarol. Manja kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, sai a sa shi da awo. Jansa na asali shi ne abin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma mai ƙona shi a tukunya har ya yi fari ya ƙone wannan alherin. Man shanu ya tsaya a ɗan cokali kan tuwo. Wani abin lura: “man gyaɗa” a bakinmu ya zama sunan duk wani farin mai, alhali galan da yawa tataccen manja ne a ciki. A karanta jikin galan, a duba lambar NAFDAC da tambarin ido, wanda ke nuna an ƙara bitamin A.

Wanda ba shi da wani amfani ko kaɗan shi ne kitsen tirans, da ake samu a man da masana'antu suka daskarar. Dokar mai ta NAFDAC ta 2022 ta ƙayyade shi kada ya wuce giram 2 a kowane giram 100 na mai. Man suya da aka maimaita kwana da kwanaki, na ƙosai ne ko na doya, shi ma ya lalace. Ana gane shi da duhu, da kauri, da kumfa, da saurin hayaƙi tun kafin kasko ya yi zafi sosai.

Ita kuwa ta Gwarimpa, likita zai fara da gwajin ciki da na maƙoshi, sannan ya ce ta ƙara abinci gaba ɗaya, ta rage gudu, ta mayar da ƙwai da gwaiduwarsa, da kifi da gyaɗa. Al'adar kan dawo, amma takan ɗauki watanni.