Lambar targetSdk da Sanarwar da Ta Daina Zuwa

Kowace manhajar Android tana ɗauke da wata lamba da ake kira `targetSdk`. Da ita mai manhaja yake shaida wa waya zubin Android ɗin da ya gwada aikinsa a kai, kuma ya amince a bi da shi bisa dokokin wannan zubi. Idan lambar tsohuwa ce, sabuwar waya takan ɗaga wa manhajar ƙafa, ta bar ta da tsofaffin halayenta. Shagon Google Play ba ya barin sassaucin ya daɗe. Daga 31 ga Agusta 2023, alal misali, ya wajabta wa sababbin manhajoji da masu neman sabuntawa su kai lambar zuwa 33, wato Android 13.

Sauya lambar aikin minti ɗaya ne a fayil ɗin `build.gradle`:

```
compileSdk 33
targetSdk 33
```

Ba a taɓa `minSdk`, saboda haka masu tsofaffin wayoyi ba su rasa komai ba. Wahalar tana cikin abin da ke biyo baya.

A ɗauki manhajar da ke tunatar da mutum lokacin shan magani. Kafin Android 13, tana aika sanarwa ba tare da neman izini ba. Da zarar lambarta ta kai 33, duk wanda ya sauke ta a waya mai Android 13 zai same ta da sanarwa a kashe, har sai ita da kanta ta roƙi izini. Abin da ya sa matsalar ke da wuyar ganewa shi ne manhajar ba ta faɗuwa, tana buɗewa lafiya lau, tunatarwar ce kawai ba ta zuwa. Wani lokaci ma wayar mai manhajar tana ci gaba da nuna sanarwa, domin izinin da aka riga aka samu yana nan. Shi ya sa gwaji na gaskiya sai an goge manhajar an sake sa ta.

Gyaran yana farawa da layi guda a `AndroidManifest.xml`:

```
<uses-permission android:name="android.permission.POST_NOTIFICATIONS" />
```

Layin kaɗai bai isa ba, dole manhajar ta fito da tambayar a allo yayin da ake amfani da ita. Zaɓen lokacin yana buƙatar dabara. Tambaya tun buɗewar farko takan sha ƙi, gara a jira sai mutum ya saita tunatarwarsa ta farko, lokacin da dalilin ya bayyana gare shi. Idan ya ƙi sau biyu, waya ba za ta sake nuna tambayar ba. Daga nan sai manhajar ta duba da `areNotificationsEnabled()`, in ta tarar a kashe, ta nuna masa hanyar zuwa saitunan waya ya kunna da hannunsa.