Yadda Ake Sa Takarda Ta Yi Motsi a Fim

Fim ba kome ba ne illa hotuna masu yawa da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, har ido ya ɗauka motsi ne. Saboda haka duk mai waya da almakashi yana iya yanka kwalekwale na takarda, ya ɗauki hotonsa, ya gusar da shi kaɗan, ya sake ɗauka, har ya zama fim.

Da farko sai a yi lissafi. Fim ɗin silima yana nuna hoto 24 a kowane sakan, amma 12 sun isa aikin takarda. A ce kwalekwalen zai yi tafiyar santimita 24 cikin sakan 4. Ke nan ana bukatar hoto 48, a kowane hoto kuwa a gusar da shi rabin santimita. In aka yi gaggawa ana gusar da shi santimita guda, sakan 2 kaɗai tafiyar za ta ɗauka.

Na biyu, kada wayar ta motsa ko kaɗan. A tara littattafai tuli biyu masu tsayi ɗaya, a gicciya katako a kai, a kwantar da wayar, idon kyamara na kallon ƙasa, a liƙe ta da salatif. Takardar shimfiɗa ma a liƙe ta a tebur. Danna wayar da yatsa yana girgiza ta, don haka a saita ta ta jira sakan 3 kafin ta ɗauka.

Na uku shi ne ƙyaftawar haske, wadda ta fi ɓata aiki. Iri biyu ce. In hoton gaba ɗaya yana haske yana dushewa, to, ko rana ce ke sakewa, ko wayar ce ke gyara haske da kanta. Maganinsa shi ne a rufe tagogi, a kunna fitila, a kulle hasken wayar. A iPhone, a danne fuskar kyamara har rubutun AE/AF LOCK ya fito. Mai ɗauka kuma ya sa baƙar riga, domin fara tana mayar da haske kan takarda.

In kuwa ratsi-ratsi masu duhu ne suka gitta hoton, laifin lantarki ne. Wutar Nijeriya tana kai da komowa sau 50 a sakan, shi ya sa wasu fitilu ke ƙyaftawa sau 100. Ido ba ya gani, amma kyamara tana kamawa. A wayar da ake iya saita saurin ɗauka da hannu, a sa shi a 1/50.

Kafin a shiga aikin sosai, a gwada hoto 12 a kalla. Gara a gane matsala a hoto na 12 da a gane ta a na 48.