Ragi a kan ragi: me ya sa 20 da 10 ba sa zama 30?

Idan mai shago ya yi ragin kashi 20 cikin 100 albarkacin sallah, ya kuma ƙara ragin kashi 10 ga wanda zai biya nan take, yawancinmu sai mu haɗa mu ce talatin. Idan aka zauna aka buga lissafi kuwa, 28 za a samu, kuma babu wanda ya cuci wani.

A ɗauki turmin atamfa na naira 20,000 a Kantin Kwari. Ragin farko zai cire 4,000, saura 16,000. To ragi na biyu a kan wannan 16,000 ɗin ake buga shi, domin tsohon farashi ya riga ya wuce. Kashi 10 na 16,000 kuwa 1,600 ne, don haka mai saye zai biya 14,400. Duka abin da aka rage masa 5,600 ne, wato kashi 28 na kuɗin asali. Wanda ya sa rai da talatin zai ga kamar an danne masa naira 400, alhali ba su taɓa zama nasa ba. Ko da an fara da ragin 10 kafin na 20, a 14,400 ɗin za a tsaya, don haka musu a kan wanda za a fara cirewa ɓata baki ne.

Akwai hanyar yanke. Ka haɗa ragin biyu, sannan ka ninka ɗaya da ɗayan, ka raba da 100, ka cire abin da ya fito. A nan 20 sau 10 ya ba da 200, a raba da 100 a samu 2, a cire daga 30, saura 28.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen ɗan kasuwa. Ya saro kaya a 10,000, ya ɗora ribar kashi 25, ya sa musu 12,500. Kasuwa ta yi sanyi, sai ya ce bari ya rage kashi 25 ya mai da kuɗinsa kawai. Amma kashi 25 na 12,500 ya kai 3,125, ya sayar ke nan a 9,375, ya taɓa uwar kuɗi da naira 625 yana zaton ya tashi ba riba ba faɗuwa. A kan ƙaramin kuɗi ya ɗora ribar, a kan babba ya yi ragin. Da kashi 20 ya rage, da ya sauka daidai kan 10,000.

Ƙari a kan ƙari kuma wuce jimilla yake yi. Ɗan sari ya ɗora kashi 10 a kan 10,000, mai shagon unguwa ya ɗora 20 a kan 11,000, kaya su iso hannun mai saye a 13,200, ƙarin kashi 32 ke nan.