Kafin a Buga Sakamakon Bincike: Abin da Mai Bita Yake Dubawa a Lissafin

Idan kun ji an ce "bincike ya nuna sabon magani ya fi tsohon aiki", to ku sani akwai wata takarda da ba kasafai jama'a suke ganinta ba, wadda ake rubutawa kafin maganar ta fito. Ita ce rahoton mai bita. Idan masu bincike suka aika rubutunsu ga mujallar likitanci, edita yakan tura shi ga masana biyu ko uku da ba su da hannu a aikin. Kowanne ya karanta, ya rubuta kurakuran da ya gani da tambayoyin da yake so a amsa. Daga nan edita ya yanke hukunci: a buga, a gyara, ko a mayar wa masu shi.

Abu biyu ne suka fi tsayar da rubutu a wannan mataki: lissafin da aka gina bisa sharaɗin da bai cika ba, da bayanin da aka bari a dunƙule. Bari mu bi misali ɗaya don ku ga yadda abin yake.

Rubutun da aka kawo

Mu ƙaddara wasu likitoci sun gwada sabon maganin shafawa a kan gyambon ƙafa na masu ciwon suga. Sun ɗauki majinyata 60, rabi aka yi musu sabon magani, rabi aka ci gaba da wanki da ɗaurin da aka saba. Suka ce sabon ya fi saurin warkarwa, suka kafa hujja da alamar p < 0.05. Ma'anar wannan alama ita ce: da a ce magungunan biyu daidai suke, da wuya a ga bambanci mai girman haka bisa sa'a kawai, bai kai sau 5 cikin 100 ba. Sai dai wannan lissafi yana da sharuɗɗa. Idan ba su cika ba, lambar za ta fito, amma ba ta da amfani.

Mutum nawa aka ƙirga?

Mai bita ya lura cewa majinyata 60 ne, amma an yi lissafi da gyambo 90, domin wasu suna da biyu ko uku. Hanyar lissafin da suka bi tana ɗaukar cewa kowane gyambo zaman kansa yake yi, babu ruwansa da wani. Wannan ba haka ba ne. Gyambo uku a ƙafar mutum ɗaya jini ɗaya ne yake ciyar da su, suga ɗaya yake damunsu. Idan ɗaya ya warke da wuri, sauran ma sukan bi sahu.

Kamar alƙali ne da aka kawo masa shaida ɗaya ya yi magana sau uku, aka rubuta shaidu uku. Hujjar sai ta yi kamar ta fi ƙarfinta na gaskiya. Saboda haka mai bita zai ce a sake lissafin da mutum 60, ko a bi hanyar da ta san cewa wasu gyambunan na mutum ɗaya ne. Idan aka yi haka, bambancin da aka yi murna da shi yana iya komawa abin da sa'a ma za ta iya kawowa.

Mutum ɗaya da ya ja lissafi

Masu binciken sun kwatanta matsakaicin kwanakin warkewa, wato a tara kwanakin kowa a raba da yawan mutanen. Wannan yana dacewa idan kwanakin sun taru kusa da juna. Amma warkewar gyambo ba ta tafiya haka: da yawa suna warkewa cikin makonni, kaɗan kuma su ɗauki watanni.

Ku duba mutum biyar daga kowane ɓangare. Masu tsohon magani sun warke a kwana 20, 22, 25, 28 da 105. Na ƙarshen nan ciwon ya taɓa masa ƙashi. Matsakaicinsu kwana 40 ne. Masu sabon magani sun warke a kwana 24, 25, 26, 27 da 28, matsakaici 26. A ido, sabon magani ya rage mako biyu cur. Amma idan kuka jera su kuka ɗauki na tsakiya, na tsohon magani kwana 25 ne, na sabon kuma 26. Duk ratar mutum ɗaya ne ya kawo ta.

Mai bita ba zai ce a cire wannan majinyaci ba, domin wahalarsa gaskiya ce. Zai ce a nuna yadda kwanakin suka bazu, a ba da na tsakiya, a kuma yi amfani da lissafin da aka tanada don irin wannan, wanda yake sa har waɗanda ba su warke ba lokacin da aka rufe binciken.

Ina sauran suka shiga?

Nan ne bayanin ya yi duhu. An fara da mutum 60, amma jadawalin sakamako yana ɗauke da 48. Ba a faɗi inda 12 suka shiga ba. Da mai bita ya bi lambobin, sai ya ga 10 daga cikinsu na ɓangaren sabon magani ne. A wannan ɓangare mutum 20 suka rage, 16 suka warke, aka rubuta kashi 80 cikin 100. A ɗaya ɓangaren 17 cikin 28 ne, wajen kashi 61.

To idan goman nan sun daina zuwa ne saboda maganin yana yi musu zafi, ko an yanke ƙafar? Sai lissafin ya koma 16 cikin 30, wajen kashi 53, fifikon ya ɓace. Ba zargin ƙarya mai bita yake yi ba. Cewa yake yi mai karatu ba shi da yadda zai sani. Shi ya sa ƙa'idar CONSORT, wadda ta fara fitowa a 1996, ta bukaci a nuna mutum nawa aka ɗauka, nawa suka fita, da dalilin fitarsu. Zai kuma tambayi ko ƙuri'a ce ta raba majinyatan, ko likita ne ya zaɓi masu ƙaramin gyambo ya ba su sabon magani.

Rahoto irin wannan yakan ƙare da shawarar a yi babban gyara. Hakan bai nuna maganin ba ya aiki ba. Yana nufin ba a tabbatar ba tukuna.

Iyakar mai bita

Galibi rubutun kawai yake gani, ba takardun majinyatan ba. A watan Mayun 2020 mujallar Lancet ta buga wani bincike kan amfani da kulorokwin da danginsa ga masu korona, wanda aka ce ya ƙunshi majinyata kimanin 96,000. Ya wuce bita, amma a watan Yuni aka janye shi, domin kamfanin da ya kawo bayanan ya ƙi bari a tantance su.

Don haka idan aka kawo muku magani da sunan "an yi bincike", ku tambayi abu uku: mutum nawa aka gwada, da me aka kwatanta shi, kuma nawa suka kai ƙarshe. Kada ku ajiye maganin suga ko ku daina zuwa wankin gyambo kafin ku kai maganar wajen likitanku. Gyambon mai suga yana iya lalacewa cikin 'yan kwanaki, kuma ƙafar da aka yanke ba ta dawowa.